Imel ɗin da Ke Biyo Bayan Hirar Tantancewa ta Waya

Hirar tantancewa ta waya ita ce matakin farko da kamfanoni masu zaman kansu, bankuna da ƙungiyoyin agaji da yawa ke bi bayan sun duba takardun masu neman aiki. Kira ne gajere, yawanci tsakanin minti 15 zuwa 30, kuma manufarsa rage yawan mutane kafin a kai ga zama ido da ido. A cikinsa ake tabbatar da cewa abin da mutum ya rubuta a takardarsa gaskiya ne, a ji ko zai iya zama a garin da aikin yake, a ji albashin da yake sa rai da ranar da zai iya kama aiki. Ba a ɗaukar kowa aiki a wannan kira, amma a nan ake sallamar mutane da dama. Da an ajiye waya, hanya ɗaya ce ta rage wa mai neman aiki ya ƙara wani abu a kan abin da ya faɗa, wato gajeren saƙon imel zuwa ga wanda ya yi magana da shi. Saƙon yana tuna wa mai karantawa dalilin da ya sa wannan mutum ya dace da wannan gurbi, sannan yana tambayar abin da zai biyo baya.

Kafin a rubuta komai, sai an san wa aka yi magana da shi, domin mutum biyu ne ke iya yin irin wannan kira kuma damuwarsu ta bambanta. Na farko jami'in sashen kula da ma'aikata ne, ko wakilin kamfanin da aka ba kwangilar nemo ma'aikata. Shi aikinsa ya duba takardun shaida, albashi da lokaci, ya miƙa sunaye gaba. Na biyu shi ne manajan da ke buƙatar ma'aikacin, wato shugaban sashen da gurbin yake, wanda sabon ma'aikaci zai zauna a ƙarƙashinsa. Wannan manaja yana da wata matsala da ke hana shi sakat: aiki ya taru, wani ya tafi ya bar gurbi, ko wani abu yana lalacewa a sashensa kuma shi ake tambaya. Duk wanda yake hira da shi, abin da yake aunawa shi ne ko mutumin zai sauke masa wannan nauyi. Saƙon da za a aika wa manaja dole ya taɓa wannan matsala. Wanda za a aika wa jami'in ma'aikata kuwa ya isa ya tsaya a kan godiya, tabbatar da sha'awa da tambayar jadawali.

Sau da yawa jami'in ma'aikata ne ke shirya kiran, manaja kuma ya yi hirar, har a gama mai neman aiki bai san adireshin manajan ba. Idan an aiko da gayyatar kiran ta kalanda, adireshin kan fito a jerin mahalarta. Idan bai fito ba, ana iya roƙon manajan a ƙarshen kiran, ko a aika saƙon ga jami'in ma'aikata tare da roƙon ya isar. Abin da bai dace ba shi ne a je a tono lambar manajan ta gida ko shafinsa na sada zumunta a tura masa saƙo can. Haka kuma manyan kamfanoni suna amfani da manhajojin ɗaukar ma'aikata irin su Workday, Greenhouse da Lever, waɗanda kan aiko da sanarwa daga adireshin da ya fara da `noreply` ko `no-reply`. Amsar da aka tura wa irin wannan adireshi galibi ba ta isa gaban kowa, don haka sai an duba akwatin mai karɓa kafin a aika.

Abin da ake rubutawa da zarar an ajiye waya

Ingancin saƙon ya dogara ne da minti goman da suka biyo bayan kiran. A lokacin maganar tana nan sabuwa a ka, kuma a lokacin ne ya kamata a ɗauki biro a rubuta sunan manajan da muƙaminsa kamar yadda ya faɗa, matsalar da ya fi daɗewa a kanta ko ya maimaita, tambayar da aka amsa da rauni, da duk abin da ya ce game da lokaci. Wanda ya bari sai washegari zai tuna cewa hirar ta yi daɗi, amma kalmomin da manajan ya yi amfani da su za su ɓace masa, alhali su ne jarin saƙon. Manaja da ya yi hira da mutum shida a yini guda, muryoyinsu kan gauraya masa. Idan ya buɗe saƙo ya ga an dawo masa da ainihin abin da ya faɗa, nan take zai gane wane ne, ya kuma san an saurare shi.

Al'adar da aka fi bi ita ce a aika saƙon cikin awa 24. Dalilin a bayyane yake: manaja kan rubuta ra'ayinsa a kan kowane mutum ba da jimawa ba bayan kiran, kuma jerin waɗanda za a gayyata gaba kan fara fitowa cikin 'yan kwanaki. Saƙon da ya iso bayan an rufe jerin ya zama gaisuwa kawai. Aikawa minti biyar bayan kiran ma tana da nata aibin, domin tana nuna cewa an riga an tanadi saƙon tun kafin a ji abin da manajan zai ce. Idan an yi kiran da safe, yammacin ranar ya dace. Idan da yamma aka yi, sai safiyar gobe. Gmail yana da `Schedule send`, wanda ke ba mutum damar rubuta saƙo da dare ya sa shi ya tafi da safe. Masu neman aiki a wata ƙasa kuma sai su lura da agogo da ranakun aiki: Nijeriya da Nijar suna gaban Ghana da awa 1, Nairobi tana gaban Kano da awa 2, kuma a Saudiyya makon aiki daga Lahadi ne zuwa Alhamis, ta yadda saƙon da aka tura yammacin Alhamis zai kwana uku kafin a duba shi.

Misali daga sito

A ɗauki misalin wani ma'ajin sito da ya yi shekara 4 a kamfanin rarraba kayan abinci a Kano, yana neman gurbin jami'in kula da kaya a wani kamfanin rarraba magunguna. Shugabar sashen, ƙwararriyar mai harhaɗa magani, ta kira shi ranar Talata da ƙarfe 11 na safe, suka yi minti 20. A cikin hirar ta koma sau biyu kan abu ɗaya: adadin da ke rubuce a kwamfuta ba ya dacewa da abin da ake samu idan an ƙirga kaya a kan kanta, kuma magunguna suna lalacewa a sito saboda wa'adinsu yana cika ba a lura ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa kula da kayan da ake ajiyewa cikin sanyi, ya ce a'a, ya yi ɗan kame-kame, aka wuce. Daga ƙarshe ta ce za su gama kiran mutane ƙarshen mako mai zuwa. Bayan la'asar ya aika mata wannan saƙo, a matsayin amsa ga imel ɗin da aka gayyace shi da shi:

"Hajiya, barka da yamma.

Na gode da lokacin da kuka ba ni yau da safe kan gurbin jami'in kula da kaya.

Kun ambaci saɓanin da ake samu tsakanin rubutaccen adadi da ƙidayar kaya, da kuma magungunan da wa'adinsu ke cika a sito. Na tarar da irin wannan matsala a inda nake aiki yanzu. Na raba kayan gida uku bisa darajarsu da saurin fitarsu, muka riƙa ƙirga rukunin farko duk mako, sauran kuma duk wata. Cikin wata 6 saɓanin ya sauka daga kusan kashi 5 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1. Haka kuma muna fara fitar da kayan da wa'adinsu ya fi kusa cika, ko da daga baya suka shigo.

Game da kayan sanyi, kamar yadda na faɗa, ban taɓa riƙe su ba. Na san ana ajiye yawancinsu tsakanin digiri 2 da 8, kuma aikin ya rataya ne a kan duba ma'aunin sanyi da rubuta shi a kan lokaci. Rubutun yau da kullum irin wannan shi ne aikina shekara 4, kuma a shirye nake in koyi sauran a hannunku.

Kun ce za ku kammala kiran mutane ƙarshen mako mai zuwa. Shin mataki na gaba ganawa ce ido da ido, kuma akwai takardar da kuke so in tanada kafin nan? Wurin aikina na buƙatar notis na wata 1.

Na gode, a huta lafiya."

A ƙasa ya sa cikakken sunansa da lambar wayar da aka kira shi da ita. A zahiri ana rubuta irin wannan saƙo da harshen da aka yi hirar, wanda a yawancin ofisoshin Nijeriya da Ghana Turanci ne, a Nijar da Chadi kuma Faransanci, amma ginin saƙon ɗaya ne ko da wane harshe aka rubuta shi.

Tsawonsa bai kai kalma 250 ba, kuma ko rabin haka ya wadatar idan babu giɓin da za a toshe. Manajoji da yawa a waya suke karanta saƙonni, tsakanin taro da taro, saboda haka duk abin da zai sa su yi ta jan allo sau uku ko huɗu zai iya zama abin da za a ajiye sai anjima, anjimar kuma ba ta zuwa. Amsawa a cikin tsohon zaren imel ya fi buɗe sabo, domin kanun saƙon zai fito da `Re:` tare da sunan gurbin, kuma manajan zai ga tarihin maganar a ƙasa. Idan dole ne a buɗe sabo, kanun ya ƙunshi sunan gurbin, lambarsa idan yana da ita, da sunan mai nema. Kanu irin "Gaisuwa" ko "Neman taimako" ba ya gaya wa kowa komai.

Yadda ake nuna dacewa

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar saƙon, kuma shi ne inda aka fi yin kuskure. Mutane da yawa suna fahimtar nuna dacewa a matsayin sake jero abin da ke cikin takardar bayanin kai: digiri, shekarun aiki, kwasa-kwasan da aka halarta. Manajan ya riga ya ga wannan, da shi ne ma aka kira mutum. Wasu kuma sai su koma ga siffofi, su ce su masu ƙwazo ne, masu gaskiya, masu son aiki tare da jama'a. Babu mai neman aikin da zai ce shi malalaci ne, don haka waɗannan kalmomi ba sa bambanta kowa da kowa. Abin da ma'ajin siton ya yi shi ne ya ɗauki matsala guda da manajar ta faɗa da bakinta, ya ajiye kusa da ita aiki guda da ya taɓa yi, ya faɗi yadda ya yi shi da abin da ya haifar. Manajar da ta san sito za ta gane daga jimla biyu cewa wannan mutum ya taɓa tsayawa gaban kanta da takardar ƙidaya a hannu, domin wanda bai yi ba ba zai san a raba kaya bisa daraja da saurin fita ba.

Misali ɗaya ya fi uku ƙarfi. Idan aka jero uku, mai karatu zai riƙe mafi rauninsu, ko ya manta da su duka. Wanda za a zaɓa shi ne wanda ya fi kusa da abin da manajan ya fi nanatawa, ko da ba shi ne mai neman aikin ya fi alfahari da shi ba. Wataƙila ma'ajin siton ya fi jin daɗin cewa ya taɓa shugabantar ma'aikata 12, amma manajar ba ta ambaci shugabanci ba, ƙidaya ta ambata.

Lambobi suna ƙara wa magana nauyi, da sharaɗin cewa gaskiya ne kuma mutum zai iya kare su. Duk adadin da aka rubuta a wannan saƙo zai iya dawowa a matsayin tambaya a ganawa ta gaba: yaya aka auna kashi 5 ɗin, a kan darajar kaya ne ko a kan yawansu, wa ya tabbatar? Wanda ya ƙara gishiri zai gane kurensa a gaban kwamiti, kuma wani lokaci ana kiran tsohon wurin aikinsa a tambaya. Idan babu tabbataccen adadi, a bayyana aikin kawai, ya wadatar. Akwai kuma iyaka ta amana: ba a saka sunayen abokan cinikin kamfanin da ake wa aiki, ko kuɗin shigarsa, ko a haɗa takardunsa na cikin gida don a burge sabon manaja. Manaja mai hankali zai ga cewa abin da aka yi wa wancan kamfani gobe shi za a yi wa. Faɗin kashi cikin ɗari, kamar yadda aka yi a misalin, yana nuna sakamako ba tare da tona asirin kowa ba.

A nan tarbiyyar Bahaushe kan yi karo da buƙatar saƙon. An raini mutum a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma kunya ado ce, saboda haka da yawa sukan ji nauyin rubuta "na yi", su fake da "an yi" ko "mun yi", har manaja ya kasa gane wane ɓangare ne nasu. Faɗin aikin da mutum ya yi da hannunsa ga wanda ke neman mai yin irin wannan aiki shaida ce da aka nema, kuma ɓoye ta cutar kai ce. Mafita ita ce a bar siffofi a tsaya kan ayyuka. "Ni gwani ne a harkar sito" yabon kai ne. "Na raba kayan gida uku, muka riƙa ƙirga rukunin farko duk mako" rahoto ne, kuma ya raba abin da mutum ya tsara da abin da suka yi tare da abokan aiki.

Kishiyar wannan matsala ita ce roƙo. Saƙonni da yawa suna cike da "a taimaka mini", da labarin iyali, tsadar rayuwa da daɗewa ba aiki. Halin gaskiya ne, kuma mai karantawa zai iya tausayawa, amma ba shi da ikon ɗaukar mutum saboda tausayi, domin shi ma zai kare zaɓinsa a gaban na sama da shi da hujjar aiki. Ambaton wani babba da aka sani a kamfanin ma yakan jawo akasin abin da ake so, domin manaja na iya ɗaukarsa a matsayin matsin lamba.

Sakin layi na uku, wanda ya koma kan tambayar kayan sanyi, ba kowane saƙo ke buƙatarsa ba. Ana saka shi ne idan an tabbata wata amsa ta bar shakka a zuciyar manajan, kuma akwai abin ƙarawa na gaskiya. Ma'ajin siton bai janye amsarsa ba, bai kuma yi da'awar abin da bai sani ba. Ya amince da giɓin a jimla ɗaya, ya nuna ya san abin da aikin ya ƙunsa, ya haɗa shi da abin da ya iya. Ba a ba da haƙuri mai tsawo a kan rawar murya ko katsewar layi, kuma ba a tono raunin da manajan bai lura da shi ba. Idan matsalar sabis ce ta yanke wata amsa a tsakiya, ana iya cewa layin ya katse a daidai tambaya kaza, ga ƙarashen amsar a jimla biyu.

Tambayar mataki na gaba

Tambaya mai kyau ita ce wadda manaja zai iya amsawa da layi ɗaya yana tafiya. "Ina jiran ji daga gare ku" ba tambaya ba ce, don haka ba ta jawo amsa. "Yaya na yi a hirar?" ko "An ɗauke ni?" kuwa tambayoyi ne da ba zai iya amsawa ba tun bai gama jin sauran mutane ba, kuma suna sa shi cikin takura. Abin da ake tambaya shi ne tsari: mene ne mataki na gaba, yaushe ake sa ran yinsa, me ya kamata a tanada. Idan manajan ya riga ya faɗi lokaci a waya, sake tambayarsa yana nuna ba a saurara ba. Shi ya sa ma'ajin siton ya maimaita abin da aka gaya masa, sannan ya tambayi abin da ba a faɗa ba. Amsar tana da amfani na zahiri: mataki na gaba zai iya zama jarrabawar kwamfuta, ko gwajin aiki da Excel, ko zama da kwamiti a Abuja ko Legas, kuma kowannensu da irin shirinsa da kuɗin motarsa. A Nijeriya kuma akan nemi takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, tare da sunayen mutanen da za su yi wa mutum shaida, waɗanda ya kyautu a sanar da su tun da wuri.

Ambaton notis a ƙarshen saƙon yana taimaka wa manajan ya tsara lokacinsa. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya tanadi mafi ƙarancin notis bisa daɗewa a aiki: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce haka amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sannan wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Amma ga yawancin ma'aikatan ofis, abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ke aiki a kansu, kuma sau da yawa wata 1 ne ko fiye. Sai mutum ya duba takardarsa kafin ya yi alkawarin ranar farawa. Maganar albashi kuwa ba a tayar da ita a wannan saƙo, sai dai idan manajan ya nemi a aiko masa da adadi a rubuce. Wanda ke da wani tayin aiki na gaske mai wa'adi zai iya faɗa a jimla ɗaya, tare da ranar da zai ba da amsa. Ƙirƙirar tayin da babu shi don a hanzarta kamfani caca ce, domin ana iya cewa to Allah ya sa alheri, a rufe maganar.

Ƙananan kurakurai suna da tsada a saƙo gajere, domin babu inda za su ɓuya. Mafi muni shi ne kuskuren suna, ko barin sunan wani kamfani a saƙon da aka kwafo daga na baya. Laƙabi ma abin lura ne: a bi abin da manajan ya sa a ƙasan saƙonsa ko ya gabatar da kansa da shi, Dakta ne, Injiniya ne, Malam ne ko Hajiya, kuma gaisuwar addini a yi ta ga wanda aka san ta dace da shi. Gaisuwa layi ɗaya ta isa, ba a jero tambayar gida da iyali da gajiya kamar yadda ake yi a zaure. Adireshin mai aikawa ya kasance mai ɗauke da sunansa na gaskiya, kuma kada ya zama na kamfanin da yake wa aiki yanzu, domin kamfani na iya ganin abin da ke wucewa ta akwatinsa. Ba a haɗa wata takarda sai an nema. Idan an nema, a tura ta a PDF da suna mai ma'ana. A Gmail ana iya ƙara wa'adin `Undo Send` zuwa daƙiƙa 30, abin da kan ceci wanda ya hango kuskure bayan ya danna aikawa.

Idan aka ji shiru

Rashin amsa ga saƙon farko ba alamar komai ba ce. Manajoji da yawa suna karantawa su wuce, wasu kamfanonin ma sun hana su yin magana da masu nema sai ta sashen ma'aikata. Ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da ma'aikatun gwamnati da ke bin tsarin maki da kwamiti sun fi tsauri a nan, kuma saƙo ba ya canza makin da aka riga aka bayar. Jinkiri kuma yakan fito daga abubuwan da ba su shafi mai nema ba: wanda zai sa hannu ya yi tafiya, ba a saki kuɗin gurbin ba, ko hutun salla ya shiga tsakani.

Ana bibiya ne bayan wa'adin da aka faɗa ya wuce da kwana 2 ko 3 na aiki. A misalin siton, wa'adin Juma'ar mako mai zuwa ne, don haka Talata ko Laraba ta bayansa ta dace. Idan ba a faɗi wa'adi ba, a jira kamar mako 1 zuwa kwana 10. Saƙon bibiya ya fi na farko gajarta, kuma a cikin zare ɗaya ake tura shi: "Hajiya, barka da aiki. Ina bibiyar maganar gurbin jami'in kula da kaya da muka yi ranar Talata ta makon da ya gabaci na jiya. Har yanzu ina da sha'awar aikin. Ko an tsayar da lokacin mataki na gaba?" Babu ƙorafi a ciki, babu tunatar da cewa an saɓa alkawari. Idan wannan ma bai samu amsa ba, ana iya ƙara ɗaya bayan mako 2, daga nan a tsaya. Kiran waya a kai a kai, ko zuwa ofishin ba tare da gayyata ba, yana ɓata kyakkyawan zaton da hirar ta gina.

Amsar da ta zo ma tana da karatu. Wadda ta ƙunshi rana, sunan wanda za a gana da shi, ko neman takardu, alama ce cewa magana tana tafiya, kuma ya kamata a amsa ta a ranar. Wadda ta ce ana kan dubawa ba tare da rana ba tana nufin a ci gaba da neman wasu wurare. Wadda ta ce an zaɓi wani, ana amsa ta da godiya ta layi biyu da roƙon a tuna da mutum idan wani gurbi ya buɗe, domin wanda aka zaɓa yakan ƙi tayin wani lokaci, a koma kan na biyu. Amsa guda ce ke buƙatar a tsaya cak: wadda ta ce mataki na gaba shi ne biyan kuɗin fom, na horo, na gwajin lafiya ko na biza zuwa wani asusu. Majalisar Ɗinkin Duniya tana bayyana a sanarwar gurabenta cewa ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki, kuma haka kamfanonin kirki suke. Idan irin wannan buƙata ta zo, a duba abin da ke bayan alamar `@` a adireshin mai aikowa, a gwada shi harafi da harafi da adireshin shafin kamfanin na gaskiya, sannan a kira lambar da ke shafin a tambaya ko suna da wannan gurbi da wannan ma'aikaci, kafin a tura ko da kwafin katin shaida.